Takardar gayyatar da Malam ya kawo mini in gyara

Tsohon daraktan makarantarmu, wanda ya karɓe ni shekarar da na fito daga makarantar horon malamai ta Tawa, ya yi ritaya ya zauna ya tattara tatsuniyoyin da ya ji tun yana yaro a ƙauyukan Malbaza. Babu kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Shanu biyu ya sayar, ya kai rubutun Sakkwato aka buga masa kwafi 300, suna nan cikin kwali a ɗakinsa, uwargida tana kallonsu tana kallonsa. Wata yamma ya same ni a gida nan Ƙonni da takarda a hannu, ya ce, "Ƙanena, ga sanarwar taron da zan yi. Duba mini ita kafin a kai hoto-kwafi."

Layi goma sha bakwai ne. Goma sha ɗaya daga ciki sunayen manyan baƙi ne da muƙamansu, uban taro, uwar taro, babban baƙo na musamman. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, aka sa rana da wuri. Na ji nauyin in ce masa komai, don shi ya koya mini riƙe alli. Sai na kira 'yata da ke ajin ƙarshe na firamare, na ce ta karanta wa mahaifiyarta da ƙarfi. Ba don raini na yi haka ba. A unguwanninmu yawancin takardu haka ake karanta su: yaro ya zo da ita daga makaranta, ya karanta wa uban da bai yi boko ba. Takardar da ba ta shiga kunne ba, ba ta isa gida ba.

Da yarinyar ta gama, matata ta ce, "To Baba, nawa ake bayarwa a ƙofa?"

Malam ya ce ai ba a biyan komai. Ta ce ita dai ta ji an ce ƙaddamarwa. Gaskiyarta. Mu da ke bakin iyaka mun san yadda ake ƙaddamar da littafi a Sakkwato da Kano: mai ƙaddamarwa ya miƙe ya sayi kwafi ɗaya da kuɗi masu yawa, sai a bi manya ɗaya bayan ɗaya ana shelar abin da kowa ya bayar. Malamin firamare da albashinsa bai kai ƙarshen wata ba, in ya ga wannan kalma a kan takarda, sai ya ɗauka taron masu hannu da shuni ne, ya zauna gida don kada ya ji kunya. Alhali shi ne mutumin da Malam ya rubuta wa littafin. Muka cire kalmar. Layin farko ya koma: "Ku zo ku ji tatsuniyoyin ƙasarmu daga bakin wanda ya rubuta su." Ƙarƙashinsa, da manyan baƙaƙe, "Shiga kyauta ne."

Sai kuɗin littafin. Malam ya rubuta "ɗari uku", yana nufin dala ɗari uku, wato sefa 1.500, kamar yadda kowa ke ƙirga a kasuwar Ƙonni. Amma ɗan makarantar da ya saba da lissafin faransanci zai iya kawo 300 F a hannu, baƙon da ya tsallako daga Najeriya kuma ya ɗauka naira ake nufi. Muka rubuta shi iri biyu a layi guda: "Littafi: 1.500 F, jaka da rabi." Ido ya ga adadi, kunne ya ji abin da ya saba ji. Malam ya so a ɓoye farashin gaba ɗaya, wai kada ya kori mutane. Na ce masa wanda bai san kuɗin ba zai zo hannu wofi, kuma ba zai koma gida ya dawo ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne "sa hannu". A faransanci abin yana da sunansa, a wajenmu kuwa sa hannu na takardar filin gona ne, ko ta bashi, ko takardar halarta da malamai ke cikawa a taron ƙara wa juna sani kafin a ba su kuɗin mota. Malam ya rubuta "karatu da sa hannu". Na tabbata da an bar shi haka, wasu abokan aikinmu za su zo suna jiran ambulan, wasu iyaye kuma su ƙi zuwa don tsoron abin da za a sa su rattaba. Babu gajeriyar kalma, don haka muka faɗi abin da zai faru: "Duk wanda ya sayi littafi, marubucin zai rubuta masa sunansa ko sunan ɗansa a ciki da hannunsa." Jimlar ta yi tsawo, kuma ita ce ta fi kowane layi aiki daga baya.

Lokaci bai ba mu wuya ba. An sa "16h", muka mai da shi "ƙarfe 4 da rabi, bayan sallar la'asar, a tashi kafin magariba". Rana kuwa muka rubuta sunanta, Asabar, tare da kwanan wata, muka kuma matsa ta zuwa makon farko na wata, lokacin da aljihun ma'aikaci bai bushe ba. Rabon takardun muka bar wa Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, da mutanen Tsarnawa da Malbaza da Galmi ke shigowa gari.

Akwai kuskuren da ni kaina na bari ya wuce. A layin ƙarshe Malam ya ce zai sake karatun a Illela mako mai zuwa. Shi Illelar Nijar yake nufi, ta wajen Badagishiri a hanyar Tawa, inda ya yi aikinsa na farko. Amma mutumin Ƙonni in ya ji Illela, wadda ke tsallaken iyaka ce ke fara zuwa masa, don ita ce kusa. Sai da aka buga kwafi ɗari wani ya tambaye ni ko Malam zai karɓi naira a can. Da biro muka bi su ɗaya-ɗaya muna ƙara "ta Nijar".

Shagon da ya buga mana ma ya ƙara nasa. Irin rubutun da yaron ya zaɓa a kwamfuta ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai suka fito 'yan akwatuna, har sunan garinmu ya rasa kansa. Na sa ya canza zuwa Times New Roman, ya fitar da gwaji ɗaya na karanta a tsaye kafin ya ci gaba. Hoton bangon littafin kuma da ya bi ta injin hoto-kwafi ya zama baƙin dunƙule, muka cire shi. Rabin takardar A4 ya ishe mu, layi bakwai: gayyata, sunan littafi da na marubuci, rana da lokaci, wuri tare da alamar da kowa ya sani kusa da shi, shiga kyauta, farashi, sai zancen rubuta suna.

Sunayen manyan baƙi su ne Malam bai yafe mini ba. Ya ce, "Ƙanena, ka san garin nan. Mutum ya ga babu sunansa, ba zai zo ba, kuma ba zai manta ba." Ban iya musa masa ba, don ya fi ni sanin mutanen. Muka rabu a kan ya rubuta wa kowannensu wasiƙa ta daban ya kai da kansa. Biyu daga cikinsu ba su zo ba, ɗaya har yau gaisuwarsa da Malam a daƙile take.

Ranar taron ajin da aka ba mu aro ya cika, yara har kan taga. Malam ya karanta tatsuniya biyu, ya sayar da littafi 41. Layin masu son a rubuta sunan 'ya'yansu ya kai mu har kiran magariba, wata tsohuwa ta sa ya rubuta sunayen jikokinta huɗu a kwafi ɗaya. Sauran kwalayen suna nan, kuɗin sa guda ma bai dawo ba tukuna. Jiya ya aiko mini da takardar taron Illela, na ga ya mayar da sunaye uku a sama.