Ranar ɗaukar hoto ta faɗo ranar aiki

A ofishin fasfo na Hukumar Shige da Fice za ka ga mutum riƙe da takardar da ya buga bayan ya biya kuɗi ta intanet, yana ta duban kwanan watan da ke jiki. Ranar da aka ba shi ke nan ta ɗaukar hoto da zanen yatsu, abin da ba a aika ɗa ko ƙane ya yi wa mutum. Sai kuma ranar ta faɗo daidai da aikin da ba ya ɗaguwa.

Ɗauki malamar sakandare da aka ba 14 ga Mayu, ranar da aka sa ta tsaron jarrabawar WAEC. Fasfonta zai ƙare 20 ga Disamba, tana kuma da niyyar umara 10 ga Yuli. A ido akwai sauran lokaci. Amma Saudiyya na son fasfo ya kasance da sauran wata 6 ranar shiga, nata kuwa wata 5 da kwana 10 ne za su rage. Dole sabon ya fito kafin a nemi biza. A 2021 gwamnati ta sa mako 3 a matsayin wa'adin sabuntawa, kuma lissafin daga ranar ɗaukar hoto yake farawa. In ta ce a bari sai an gama jarrabawa a ƙarshen Yuni, mako 3 ya kai ta bayan tsakiyar Yuli, jirgi ya riga ya tashi.

Shi ya sa nake ganin kalmar "a ɗaga mini" ita kaɗai ba ta wadatar. Wanda ke bayan tebur yana da jerin sunaye, in ba ka faɗi rana ba, inda ya ga gurbi zai sa ka, gurbin kuma yakan kasance can ƙarshen layi. Gara malamar ta je tun da sauran mako guda, da takardar biyan kuɗi, da tsohon fasfo, da jadawalin tsaron jarrabawa mai hatimin makaranta, ta ce: "Ranka ya daɗe, ranar 14 ina tsaron jarrabawa, ga takarda. Ina da sarari 12 ko 16, in da hali a taimaka." Ranar 12 ma ta fi, don matso da rana gaba ba ya cin komai daga lokacinta.

In an amince, kada ta tafi da alkawarin baki. A rubuta sabuwar ranar a takardarta ko a buga mata wata, domin mai gadin ƙofa abin da ke rubuce yake dubawa. Tun tana wurin kuma ta tabbatar sunanta da ranar haihuwarta sun yi daidai da na NIN, don harafi ɗaya in ya saɓa, ranar 12 ɗin ma sai a ce ta je ta gyaro tukuna.