Ozon Ba Kwanon Rufi Ba Ne

Akwai jimla ɗaya da ba ta taɓa ɓacewa a takardun da nake dubawa. Ina koyar da darasin labarin ƙasa a wata sakandare a unguwar Television, kudancin Kaduna, kuma duk shekara idan muka yi jarrabawar gwaji kafin WAEC, sai ɗalibai da dama su rubuta cewa hayaƙin motoci ya huda ozon, zafin rana ya shigo ta kafar, shi ya sa duniya ke ɗumama. Jimlar tana da daɗin ji, amma ba na ba ta maki, domin ta cusa matsaloli biyu cikin tukunya ɗaya.

Na san inda tunanin ya samo asali. Yaron da ya taso yana ganin rana na leƙowa ta hujin tsohon kwanon rufi, da ya ji an ce "rami" zai ɗauka haka abin yake a sama. To, ozon ba rufi ba ne. Iska ce, O3, wadda ta fi yawa tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa, kuma aikinta tace wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Idan ta yi ƙaranci, UV ya ƙaru, abin da ke biyo baya shi ne kansar fata, yanar ido da lalacewar tsirrai. Ka lura, babu narkewar ƙanƙara ko ambaliya a nan. Ramin ma ba rami ba ne, sirancewa ce, kuma wanda masanan Birtaniya suka sanar a 1985 yana saman Antatika ne, inda sanyi ya fi ko'ina. Da ta nan zafi ke shigowa, ai da can ne za a fi neman mafici, ba Kaduna a watan Maris ba.

Ɗumamar yanayi kuwa ba maganar shigowa ba ce, maganar fita ce. Rana ta dumama ƙasa, ƙasa ta mayar da zafin sama, sai iskar CO2 da misen su riƙe wani kaso. Kafin zamanin masana'antu, CO2 kashi 280 ne cikin miliyan a iskar duniya. Yanzu ya haura 420. Janareton kanti da motocin da ke lodi a garejin Television a wannan ɓangaren suke. CO2 ɗinsu ba ya cin ozon.

Abin da ke cin ozon sinadarin kulorin ne, wanda ke cikin CFC, gas ɗin tsofaffin firij da na'urar sanyaya ɗaki. CFC ba ya lalacewa a ƙasa, sai ya hau can sama UV ya fasa shi, kulorin ya kuɓuta. Ƙwayarsa ɗaya na iya rusa dubban ƙwayoyin ozon, domin tana gama aiki ta fito lafiya ta sake kama wata.

Aikin gida da na fi so in bayar shi ne a je a karanta takardar da ke manne a jikin firij, ko a tambayi mai gyara wane gas yake ɗurawa. Idan an ga R-12, wannan CFC ne: yana cin ozon, kuma yana riƙe zafi. A nan ne matsalolin biyu suka haɗu, kuma ɗalibi mai wayo zai ambata. Idan R-134a ne, babu kulorin a cikinsa, don haka ozon ya tsira, amma kilo ɗaya nasa yana riƙe zafi fiye da kilo dubu na CO2. Idan R-600a ne, ba ya taɓa ozon, tasirinsa ga ɗumama kuma kaɗan ne ƙwarai, sai dai yana kama wuta. Wanda ya gane R-134a ya gane darasin: ga gas da ke ɗumama duniya ba tare da ya taɓa ozon ba.

Sai yarjejeniyoyi, inda maki ke zubewa a banza. Ta Montreal, 1987, ta ozon ce, kuma ta yi aiki: ana sa ran ozon na yawancin duniya zai koma yadda yake a 1980 wajen shekarar 2040, na Antatika wajen 2066. Kyoto, 1997, da Paris, 2015, na ɗumamar yanayi ne, wadda har yanzu ƙaruwa take yi.

Saboda haka idan tambaya ta ce ka kawo illoli biyu na raguwar ozon, rubuta kansar fata da yanar ido, ka tsaya nan. Idan ta nemi hanyar magancewa, kada ka ce a dasa itatuwa. Itace CO2 yake zuƙa, ba ruwansa da kulorin. Abin da mai duba takarda yake jira shi ne a daina amfani da CFC, kuma mai gyara ya tattara tsohon gas a tukunya maimakon ya sake shi cikin iska.