Saƙon da ba shi da zagi ko ɗaya, amma ya fi zagi haɗari

Jama'a, tun da na ga abin nan bakina ya ƙi yin shiru! Aikina shi ne tace saƙonnin da masu sauraro ke turo wa wani shirin rediyo kafin su isa hannun mai gabatarwa. Da can jerin kalmomin ashar muke dogara da shi: kalma ta fito, manhaja ta tare saƙon, shi ke nan. Sai wani abokin aikina ya haɗa mana manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya loda mata rubutacciyar ƙa'idarmu, kowane sashe da lambarsa, ya kuma ɗaure ta a kan kada ta dawo da komai sai JSON: rukunin laifi, tsananinsa daga 0 zuwa 3, matakin da ya dace, sashen da aka karya, da shaida.

Ga saƙon da ya sa na miƙe daga kujera: "Malam, mun san unguwarku, mun san inda yaranka suke zuwa Islamiyya. Ka ci gaba da magana." Ku duba da kyau, ina ashar a nan? Har da "Malam" na girmamawa! Tsohon jerinmu da gudu zai bar shi ya wuce. Ga abin da ya fito a allo:

```json
{
  "rukuni": "barazana",
  "tsanani": 3,
  "mataki": "mika_wa_mutum",
  "sashe": "2.1",
  "shaida": "mun san inda yaranka suke zuwa Islamiyya"
}
```

Sashe na 2.1 a ƙa'idarmu shi ne wanda ya ce ambaton gidan mutum ko iyalinsa don a tsorata shi barazana ne, ko da an yi shi da lafazi mai laushi. Nan na gane cewa ƙarfin aikin duk daga rubutun ƙa'idar yake fitowa. Da sashen ya tsaya a "ban da munanan kalamai", da manhajar ba ta da igiyar da za ta kama wannan saƙon da ita.

Abu na biyu da ya burge ni shi ne raba rukuni da tsanani. Wani ya turo wa abokinsa gaisuwa yana ce masa "ɗan banza, ka manta da mu". Rukuni zagi ne, amma tsanani 1, kuma ba a tare shi ba. Haka wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, inda wannan ke kiran wancan bawansa: sai da aka rubuta masa sashe na kansa, da misalai, kafin manhajar ta daina lissafa shi a cikin tunzura ƙabilanci. Duk da haka akwai mai fakewa da barkwanci ya zuba ƙiyayya ta gaske, shi ya sa duk saƙon da ya taɓa ƙabila ko addini kuma ya kai tsanani 2, idon mutum ne ke yanke masa hukunci.

Amma abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne gurbin nan na `shaida`. Irin waɗannan manhajoji suna iya ƙirƙiro hujjar da babu ita, su faɗe ta da cikakken tabbaci. To, an wajabta mata ta kwafo ainihin kalmomin da suka karya ƙa'ida, sannan layi ɗaya na Python, `shaida in sako`, ya duba ko da gaske kalmomin suna cikin saƙon. In ba su nan, an watsar da hukuncin. A nan ne ma Hausa ta nuna halinta: mutum ya rubuta "dan banza" ba lanƙwasa, manhajar ta gyara masa zuwa "ɗan banza", sai binciken ya ce bai ga shaida ba. Maganin shi ne a rubuta mata ƙarara ta kwafa harafi da harafi, kada ta gyara rubutun kowa.

Sauran tarkunan ƙanana ne. Wani lokaci takan ƙago rukunin da ba ya cikin ƙa'ida, ko ta sa bayani kafin JSON ɗin har `json.loads` ya kasa karantawa. Ana toshe na farko da `enum` a JSON Schema, wanda ke ƙin duk sunan da ba a lissafa ba. Kuma duk amsar da ta lalace, saƙonta teburina yake zuwa, ba ya wucewa iska.

Don Allah, duk mai irin aikina, kafin ka nemi kowace manhaja, zauna ka rubuta ƙa'idarka sashe-sashe da lambobi, ka sa wa kowane sashe misalin abin da ya karya shi da misalin abin da ya yi kama amma bai karya ba, cikin Hausar da mutane ke rubutawa a waya.