Man Suya: Yaushe Za A Maimaita, Yaushe Za A Zubar?

Duk wanda ya sayi jarkar man gyaɗa a kasuwar Wuse ko Utako ya san ba mai soya ƙosai sau ɗaya ya zubar da man, ni ma ban ce a zubar ba. Sai dai tambayar da iyayenmu mata masu girkin taron ƙungiya suka fi yi, wato "sau nawa?", ba ta da amsa guda. Man da aka soya dankali da shi a wuta daidai zai iya yin suya uku ko huɗu. Wanda aka soya kifi da shi har ya yi ta hayaƙi kuwa, sau ɗaya ma ya gama aiki.

Abin da ke lalata mai shi ne zafi, iska, ruwan jikin abinci, da burbuɗin da ke ƙonewa a ƙasan kasko. Suya ba ta buƙatar wuce digiri 170 zuwa 180, wato ka ɗiga ƙullu ya taso nan take ba tare da hayaƙi ba.

A ce mun yi ƙosan buɗe-baki da lita 5. Da an gama a kashe wuta, kada a bar man yana ci babu komai a ciki. Idan ya huce, a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya a tace, baƙin da ya kwanta a ƙasa a bar shi. A juye a busasshiyar jarka mai murfi, a ajiye nesa da rana da murhu. Barinsa a buɗaɗɗen kasko har gobe, kamar yadda muka saba, shi ne babban ɓarna. Man kifi kuma jarkarsa daban.

Washegari a duba kafin a saka ƙullu. Idan ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo, ko yana wari irin na fenti, a haƙura da shi. Haka in ya fara hayaƙi tun bai yi zafin suya ba, ko kumfa ta rufe samansa ta ƙi kwanciya, ko ƙosan ya fito yana maƙaƙi a maƙogwaro. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa hujja. A Indiya, tun 2018 doka ta hana suya da man da gurɓatattun sinadaransa suka haura kashi 25 cikin 100. Su da na'ura suke aunawa, mu ido da hanci muke da su.

Abin da na fi ƙi shi ne tsiyaya sabon mai a kan wanda ya mutu. Launi zai ɗan washe, amma tsohon ne zai ja sabon ya lalace da wuri, an yi asara biyu ke nan.

Wajen zubarwa, kada a tuttula a wurin wanke-wanke ko kwata, yana toshe bututu. A ɗura a gora, a rufe, a jefa a shara.