A kulle ƙofa, to yaron ya tafi ina?

Jama'a, ku yi haƙuri yau rubutun zai yi tsawo, domin abin ya tsaya mini a rai tun jiya. Wasiƙar hedimasta ce yara suka kawo daga makaranta, an canza lokacin shiga da na tashi. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, kuma waɗanda suka san inda yarana ke karatu, don Allah kada su rubuta. Ga abin da ke ciki a taƙaice: daga ranar Litinin asambili ƙarfe 7:30 maimakon 8:00, maigadi zai kulle ƙofa 7:45, tashi 2:30 maimakon 1:30, Juma'a 12:00. Yaron da ya zo bayan an kulle ƙofa za a mayar da shi gida. Wanda aka mayar sau uku sai ya zo da mahaifinsa. Takardar da Turanci take, ranar Alhamis aka raba ta, kuma ba a kira taron iyaye ba kafin a rubuta ta.

Kun san na riƙe alli a firamare kafin na koma aikin ofis, kun kuma sha ganin na rubuta a kan iyayen da ke sakaci da karatun 'ya'yansu. Saboda haka kada wani ya ce ina goyon bayan makara. Na san ciwonta. Darasin farko a yawancin makarantunmu Lissafi ne ko Turanci, domin ana so a koyar da su lokacin da kan yaro ke a sake. Yaron da ke makara da minti 20 kullum, a mako ya yi asarar minti 100. A mako 12 na koyarwa ya zama awa 20, wato darasi 30 idan kowane darasi minti 40 ne. Kuma ba shi kaɗai ke asara ba, domin duk shigowar mai makara sai ajin ya juya, malami ya tsaya, a sake kama zaren magana. Hedimasta yana da gaskiya da ya damu. Abin da ban yarda da shi ba layi ɗaya ne: a mayar da yaro gida.

Mu yi lissafin da shi ma. Daga 7:45 zuwa 2:30, idan ka cire hutun tara da sallar azahar, darasi wajen takwas ne. Yaro ya zo minti 10 bayan an kulle ƙofa, an hukunta shi da asarar darasi takwas. Aka yi masa haka sau uku, ya rasa 24, ya kusa kamo wanda ya yi zango guda yana makara kullum. Ashe maganin ya fi ciwon illa. Idan damuwarmu karatun da yaro ke rasawa ne, ta yaya za mu gyara ta ta hanyar hana shi karatun yini guda?

Sannan "gida" ɗin nan da ake cewa, wane gida? A Dutse iyaye da yawa ma'aikata ne. Ƙarfe takwas uba yana sakatariya, uwa tana asibiti ko ita ma tana wata makarantar tana koyarwa, gida a kulle. Mai adaidaita sahun da aka yi jinga da shi yana sauke yaran ya juya ya tafi neman fasinja, ba zai dawo ba sai lokacin tashi. Yarinya 'yar aji uku, jaka a baya, kwandon abinci a hannu, ba waya, ba kuɗin mota, a ce mata ta koma Ɗanmasara ko Fagoji ita kaɗai? Na tsaya bakin ƙofar makaranta shekaru, na san abin da ke biyo baya. Manyan ba sa komawa gida, domin sun san dukan da ke jiransu. Gindin bishiya suke samu ko kangon gini su zauna har lokacin tashi, su bi ayarin 'yan makaranta su koma kamar sun yi karatu. Uba na ganin yaro na makaranta, makaranta na ganin yaro na gida, alhali yana titi. Da haka ake koyon fashin makaranta, kuma mu da kanmu muka koya masa hanyar.

Na san za a ce, ai sai a tashi da wuri. To, mu duba agogon da Allah ya yi mana. A ƙarshen watan Mayu rana na fitowa a Dutse wajen ƙarfe 6:00. A watan Janairu kuwa sai kusan 6:45, ko ma ta ɗan wuce, ga hazo ga sanyin hunturu da ke sa yara tari. Tsakanin lokutan biyu akwai wajen minti 45, amma wasiƙar lokaci ɗaya ta yanka na duk shekara. Ɗauki yaron da gidansu ke da nisan kilomita uku kuma da ƙafa yake zuwa. Tafiyar yaro ce, ba ta kasa minti 45 zuwa 50. Domin ya riski asambilin 7:30 dole ya bar gida 6:40, wato a Janairu kafin rana ta fito. Kafin nan an yi sallar asuba, an dafa ruwan wanka, a gidaje da yawa a kan itace ko gawayi, an dama koko, wani ma sai ya ɗebo ruwa tukuna. Mai zuwa makarantar allo da asuba fa? Yaushe ya wanke allonsa ya biya? Ɗan da ake kaiwa a mota daga Takur minti goma ya ishe shi. Dokar ɗaya ce a takarda, amma nauyinta ba ɗaya ba ne a kan yaran. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya ga yadda yara masu zuwa a ƙafa suka ƙaru, da yadda ake cusa yaran gida uku ko huɗu a adaidaita ɗaya. Idan yaron gida ɗaya ya ɓatar da takalmi, duka motar ta makara. Sai a kori yara bakwai saboda takalmin mutum ɗaya?

Ga kuma tashin 2:30. Islamiyyu da yawa a garin nan ƙarfe huɗu suke shiga, bayan la'asar. Mai tafiyar ƙafa zai iso gida wajen 3:20, a watan Afrilu cikin ranar da babba ma ke gudu. Ya ci abinci, ya yi wanka, ya yi salla, ya ɗauki jakar Islamiyya. Ba hutu ko na minti 20. Can ma akwai mai bulala a bakin ƙofa. Da an zauna da iyaye, da wani ya faɗi wannan a minti biyar na farko.

Wata 'yar uwa ta ce mini, "Yaya, ai mu da muna yara tsallen kwaɗo ake sa mu, ba mu mutu ba." Na ce mata, ƙanwata, ko tsallen kwaɗon da ba na goyon baya, a cikin makaranta ake yinsa, malami na ganinki. Yaro amana ne. Daga lokacin da ya sa yunifom ya fita, amanar ta rabu tsakanin uba da malami, kuma babu wanda ke da ikon ajiye ta a bakin titi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ya sa ɗansa firamare da ƙaramar sakandare. Ana fama da yaran da ba sa zuwa makaranta kwata-kwata, sai kuma wanda ya zo har bakin ƙofa mu ce ya juya?

Wasu za su ce in ban ji daɗi ba in cire yarana. Ba don yarana nake magana ba, ni ina da babur, ina kai su da kaina, kuma in sha Allahu ranar Litinin 7:20 za ta yi musu a ciki. Ina magana ne don ɗan maƙwabcina da ba shi da mai kai shi. Wasu kuma za su ce me ya hana ni zuwa wurin hedimasta kai tsaye. Zan je, kuma ga abin da zan roƙe shi.

Na farko, a kulle ƙofa 7:45 saboda tsaro, wannan daidai ne, amma mai makara a shigar da shi. A ajiye littafin makara wurin maigadi da malamin da ke kan aiki a makon: suna, aji, lokacin zuwa, unguwa, dalili. Bayan mako biyu littafin da kansa zai yi magana. Idan sunaye biyar ne ke maimaituwa, matsalar gidaje biyar ce, a kira iyayensu. Idan yara ne da yawa daga unguwa ɗaya, matsalar hanya ce ko ta mota. Idan kuwa kashi ɗaya cikin uku na makarantar ke makara, lokacin ne bai yi ba. Na biyu, hukuncin ya zama a cikin makaranta kuma ya mayar da abin da aka rasa: ya zauna minti 15 na hutun tara ya kwafi aikin da ya wuce shi. Na uku, daga Disamba zuwa Fabrairu a ɗaga asambili zuwa 8:00, a kuma faɗi tsarin watan azumi tun yanzu. Na huɗu, a ba iyaye mako biyu su sake jinga da masu adaidaita, a rubuta wasiƙar da Hausa ita ma, a sa wurin da uba zai sa hannu a dawo da ita, domin takarda nawa ke ruɓewa a ƙasan jaka tare da ɓawon gyaɗa. Na biyar, littafin sa hannun malamai ma a ja masa layi 7:30. Yaron da aka tsare a ƙofa yana ganin malaminsa ya shigo 8:15 ba wanda ya ce masa uffan, ya gama koyon darasin da ba a so ya koya.

Mu ma iyaye da namu. A goge yunifom da dare, a haɗa jaka da takalmi wuri ɗaya, a kashe talabijin da wuri, kada a aiki yaro sayen ƙosai ƙarfe bakwai sannan a zagi makaranta. Masu yara a makarantun gwamnati, kuna da kwamitin kula da makaranta na al'umma da ƙungiyar iyaye da malamai, ku riƙa zuwa taro, domin a nan ake tsayar da irin waɗannan dokoki kafin su zama takarda. Iyayen makarantarmu da ke tare da ni, mu haɗu bakin ofishin hedimasta ranar Litinin bayan asambili, mu yi magana cikin girmamawa, mu roƙi a cire layin nan guda. Allah ya shirya mana zuri'a, ya saka wa malamanmu da alheri.