Tsohuwar wayar da ke cikin akwatin Hajiya

Shekara 12 ke nan da wani yaro ya buɗe min imel a shagon intanet a Kumasi, da shi kuma muka buɗe Facebook ɗin da nake tallar atamfa. Ban sake leƙa imel ɗin ba. Me zan nema a ciki?

Bara aka sace wayata a mota. Na sayi sabuwa, Facebook ya nemi kalmar sirri, ni kuwa na manta ta tuntuni. Lambar tabbatarwa ta tafi can imel ɗin da aka riga aka rufe saboda daɗewa ba a shiga. Ga saƙonnin masu sari a ciki, har da na mutum uku da nake bi bashi.

Kwana biyu ɗana yana gwadawa a sabuwar wayar, shiru. Sai Hajiya ta ce, "Alhaji, tsohuwarka mai fasasshen gilashi fa tana akwatina."

Ashe shafin ya fi yarda da wayar da ya saba gani. A kanta ne muka ga "No longer have access to these?", muka danna. Muka ba da sabon imel wanda ba a taɓa haɗa shi da wani asusun ba, sannan hoton fasfona. Allah ya taimake ni sunana na gaskiya na sa tun farko, da "Mai Atamfa" na rubuta da an sha wuya.

Ran na huɗu saƙo ya iso. Kafin in duba masu bashi, sai da na sa lambar Hajiya a asusun.