Daƙiƙa Arba'in Ga Kowace Tambaya

A lura da na yi, tsoron jarrabawar JAMB ba ya kama mutum sosai sai ranar da ya je shagon kwamfuta ya ciro takardar da ke ɗauke da rana, lokaci da cibiyar da zai zauna. Kafin nan jarrabawar labari ce. Daga ranar kuwa ta zama Asabar mai zuwa, ƙarfe kaza, a unguwa kaza. Kwanakin da ke tsakanin karɓar wannan takarda da shiga ɗakin jarrabawa su nake so mu tattauna, domin na ratsa su da kaina shekara uku da suka wuce, bara kuma na sake ratsa su tare da ƙanwata wadda take neman karatun aikin jinya.

Bari mu fara da lissafi, don shi ne abin da ya fi kwantar mini da hankali. Tambayoyi 180 ne, awa biyu. Ingilishi yana da 60, sauran darussa uku kowanne 40. Idan ka raba minti 120 gida 180, kowace tambaya ta tashi da daƙiƙa 40. Wanda ya fara jin wannan adadi gabansa yakan faɗi, amma ni abin da na gani a ciki daban ne: ya nuna mini farashin ruɗewa. Wanda ya daskare a gaban kwamfuta na minti biyar, yana karanta layi ɗaya yana maimaitawa ba ya fahimta, ya yi asarar lokacin tambaya bakwai ko takwas. Wanda kuwa ya cire hannunsa daga kan madannai ya ba kansa minti ɗaya cur don ya daidaita numfashi, lokacin tambaya ɗaya da rabi kawai ya biya. Yawancinmu muna ƙin biyan ƙaramin kuɗin saboda muna ganin babu lokaci, sai mu ƙare da biyan babban.

Ƙanwata tana da ƙoƙari, ba don ƙanwata ba ce na faɗa. Idan tana amsa tsofaffin tambayoyi a tsakar gida, tana yi tana cin gyaɗa, da wuya ta faɗi goma cikin arba'in a Bayoloji. Saura kwana shida na ce mu gwada abin yadda yake. Na ari kwamfutar wata ƙawata mai manhajar gwaji, na zaunar da ita a ɗaki ita kaɗai, na karɓe wayarta, na ce awa biyu ba tashi. Ba a yi minti ashirin ba ta buɗe ƙofa tana haki. "Yaya, kaina ya ɗauke. Wallahi komai ya goge. Yatsuna ma wani zir-zir suke yi, ko dai wani ciwo ne?"

Ba ciwo ba ne, kuma babu abin da ya goge. Idan mutum ya tsorata, jiki yana sakin wani sinadari da ake kira adiranalin, wanda ke shirya shi don gudu ko faɗa. Zuciya ta ƙara sauri, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi, ciki ya murɗa. Numfashi ma sai ya koma gajere, sama-sama, da sauri. Wannan saurin numfashin yana fitar da iskar da muke fesarwa fiye da kima, har ta yi ƙaranci a cikin jini, kuma ƙarancinta ne ke kawo jiri da zir-zir a yatsu da gefen baki. Daga nan sai abin ya zama zagaye: mutum ya ji jiri ya ƙara tsorata, ya ƙara haki, jirin ya ƙaru. Ita kuma ƙwaƙwalwa, ɗan wurin da take riƙe abin da ake aiki a kansa yanzu-yanzu ƙarami ne, kamar faifan tallar da ba ya ɗaukar kaya da yawa. Idan "na shiga uku, me zan ce wa Baba" ya cika faifan, tambayar da ke gabanka ba ta da wurin zama. Karatun yana nan a rumbu, hanyar ɗebo shi ce ta toshe na ɗan lokaci.

Da na yi mata wannan bayani, abin da ya fi yi mata amfani shi ne sanin cewa zir-zir ɗin yana da dalili kuma yana wucewa. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna, sannan ya sauka da kansa idan ba a ci gaba da hura masa wuta ba. Sai muka koyi abu ɗaya tak. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar a hankali ta baki ana ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi. Sau shida, minti ɗaya ke nan. Fitarwar ce mai muhimmanci, domin tsawaita ta ne ke rage bugun zuciya. Masu cewa "ja dogon numfashi" suna da kyakkyawar niyya, amma wanda yake haki idan ya dinga zuƙar iska da ƙarfi yana fesarwa da sauri, jirin ƙaruwa zai yi. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ta dinga yin wannan bayan kowace sallah har kwana shida, don jikinta ya saba tun kafin a buƙace shi.

Abu na biyu shi ne muka raba awa biyun tun daga gida. Minti 20 ga Bayoloji, 35 ga Ingilishi saboda dogayen nassoshin da sai an karanta, 25 ga Kemistiri, 30 ga Fiziks saboda lissafi, goman da suka rage na komawa baya. Ta fara da Bayoloji ne da gangan. Kwamfutar ba ta tilasta maka bin darussan a jere, kuma mintunan farko su ne mafi haɗari, don haka gara ka buɗe da abin da ka fi iyawa, ka ci tambaya biyar ko shida a jere, gabanka ya daina faɗuwa. A gwajin farko da Fiziks ta fara, ta ci karo da tambayar lantarki mai wuya a lamba ta uku, ta tsaya a kanta kamar an kafe ta. Dokar da muka sa bayan nan ita ce: tambayar da ka karanta sau biyu ba ka ga hanya ba, zaɓi wadda ta fi kama da gaskiya, rubuta lambarta a takardar lissafin da aka ba ka, danna N ka wuce. Ba a rage maki don an amsa ba daidai ba, saboda haka barin gurbi ba shi da wata riba. Madannan ma ba su da yawa: A, B, C, D na zaɓin amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Na ga waɗanda hannunsu ke rawa don tsoron taɓa wani abu komai ya lalace. Wanda ya yi gwaji biyu ko uku da madannai na gaske ya rabu da wannan fargabar.

Sau uku ta yi cikakken gwaji a wannan mako, kuma kowanne a daidai lokacin da ke kan takardarta. A na biyu abin ya sake taso mata a tsakiyar Kemistiri. Ta ce ta ji zuwansa, ta sauke hannu, ta yi ƙirgenta, ta ci gaba. Wannan ya fi mini daɗi a kan a ce bai zo ba sam, domin ta shiga ɗakin jarrabawa da sanin cewa ya taɓa kama ta kuma ya sake ta.

Inda muka yi ja-in-ja da gaske shi ne batun barci. Kowa ya san al'adar: a tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi, a ci goro, a sha kofi mai kauri ko lemon ƙara kuzari, a yi ta karatu har kiran assalatu. A unguwarmu wanda idonsa ya yi ja shi ake yi wa kallon mai himma. Ni dai ban yarda da wannan ba a makon ƙarshe. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta da rana, wanda ya hana ta barci kamar mai zuba ruwa ne a kwando. Sinadarin da ke cikin goro da kofi kuma yana daɗewa a jiki; bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan. Wanda ya sha ƙarfe tara na dare, ƙarfe biyu ma bai rabu da shi ba. Mafi muni, abin da yake haifarwa shi ne bugun zuciya da rawar hannu, wato ainihin alamomin firgici, sai jiki ya ɗauka akwai abin tsoro alhali kofi ne. Muka yi yarjejeniya: daga azahar babu shayi mai ƙarfi, ƙarfe goma a kashe fitila, kuma daga saura kwana uku ba a buɗe sabon babi. Sabon babi a irin wannan lokaci ba ya zama, sai dai ya tuna maka yawan abin da ba ka sani ba. Daren jarrabawa kansa ba ta yi barcin kirki ba, kusan ba wanda yake yi, kuma na gaya mata tun da wuri kada ta damu da hakan. Dare ɗaya ba ya rushe mutumin da ya yi barci sosai a darare biyar da suka gabata.

Akwai ƙananan abubuwa da ke tayar da hankali a bakin ƙofa, kuma duk ana iya kashe su tun da sauran kwana. Mun hau adaidaita sahu mun je mun ga cibiyar da idonmu, muka san tafiyar minti nawa ce da cunkoso. Mun ciro takardar kwafi biyu. Ana tantance kowa da zanen yatsa, kuma lalle yana iya hana na'urar ganewa, hukumar ma ta yi gargaɗi a kan haka. Don haka da aka yi bikin 'yar maƙwabtanmu a satin, ƙanwata ta je da hannunta fari fat, tana ta shan tsiya. Waya, agogo da kalkuleta ba a shiga da su, lokaci yana kan allon kwamfutar. Da safe ta ci abin da ta saba ci, koko da ƙosai, domin yunwa ma tana kawo jiri da rawar jiki. A layi kuma na ce ta nisanci masu tambayar "kin karanta kaza?", ta riƙe addu'arta. Umma ma sai da na roƙe ta ta daina lissafa wa yarinyar makin 'ya'yan dangi a wannan makon.

Duk wannan yana da iyaka. Wanda numfashinsa ke fita da ƙara kamar usur, ko yake da asma ko sikila, ko ƙirjinsa ke ciwo, ko ya taɓa suma, kada a ce masa tsoro ne kawai. Ya ga likita kafin ranar. Haka wanda ya yi kwanaki ba ya iya ci ko barci, yana kuka ba dalili, ko ya fara cewa gara ya mutu da ya faɗi. Wannan ya wuce ƙirgen numfashi, a gaya wa babba a gida ko malamin da aka yarda da shi a ranar, a kai shi asibiti. Ƙwayar sa barci ko ta "buɗe kai" da aboki zai miƙo maka daga kemis kuwa, ranar jarrabawa ba ranar gwada ta ba ce, don ba ka san yadda za ta yi da kai ƙarfe tara na safe ba.